Rahoton bashi a Nijar: duba shi da ƙalubalantar kuskure

Rahoton bashi takarda ce da ke tattara tarihin rancen mutum ko kamfani: wanda ya ba shi, nawa ya karɓa, yadda ya biya, da abin da ya rage a kansa. A Nijar, kamar sauran ƙasashe bakwai masu amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, ofishin bayanan bashi da ake kira BIC ne ke haɗa shi, ƙarƙashin kulawar babban bankin yankin, BCEAO. Bankuna da asusun ba da ƙananan rance suna duba rahoton kafin su amince da buƙatar mai neman bashi, don haka layi guda da aka rubuta ba daidai ba yana iya hana ɗan kasuwa jari.

Asali

Majalisar ministocin ƙungiyar kuɗin yankin ta amince da daftarin doka ta bai ɗaya kan ofisoshin bayanan bashi a watan Yunin 2013, kowace ƙasa kuma ta mayar da shi dokarta. Nijar ta yi hakan da doka mai lamba 2014-79 ta ranar 31 ga Disamban 2014. Kamfanin Creditinfo VoLo, mai hedikwata a Abidjan, ya samu lasisi a 2015, ya fara aiki a watan Fabrairun 2016. Daga baya sunansa ya koma Creditinfo West Africa.

Tun farko an gina tsarin a kan yardar mai asusu, wato sai ya sa hannu kafin bankinsa ya miƙa bayanansa. Wannan ya jawo tafiyar hawainiya, domin tsofaffin masu bashi ba su da dalilin komawa banki su sa hannu. Wajen 2017 aka yi wa dokar Nijar gyara don shigar da waɗanda suka ci bashi kafin zuwanta.

Rahoton BIC daban yake da kundin da BCEAO ke riƙewa na masu ba da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa. Mutane kan haɗa su, amma hanyar gyaransu ba ɗaya ba ce.

Samun rahoto

Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, bayan ya nuna shaidar cewa shi ne mai shi, kamar katin ɗan ƙasa ko fasfo. Rahoton yana nuna tarihin shekaru biyar, tare da sunayen cibiyoyin da suka duba shi a watanni shida da suka wuce. Mazaunin Maraɗi kan fara ne daga reshen bankinsa ko asusunsa.

Inda kuskure ke ɓuya

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne suna, kafin a je ga kuɗi. A yankin Maraɗi mutum guda kan zama Mahaman a wata takarda, Mahamane a wata, Mamane a ta uku, kuma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba su ƙirguwa. Ga kuma waɗanda ba a san ranar haihuwarsu ba, aka sa musu 1 ga Janairu. Idan suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, lambar katin ce kaɗai ta rage ta raba mutum biyu, ita ma takan canza idan an sabunta kati. Ta nan bashin wani ke faɗawa kan wani. Alamarsa a bayyane take: rance daga cibiyar da mutum bai taɓa taka ƙofarta ba, ko lambar waya da unguwar da ba tasa ba.

Bayan wannan sai a bi kowane rance a gwada shi da takardar yarjejeniya da resin biya. Akan tarar da bashin da aka gama biya amma ba a rufe shi ba, ko rance ɗaya da ya fito sau biyu saboda an sake masa jadawalin biya aka bar tsohon a buɗe, ko wanda ya tsaya wa wani an rubuta shi a matsayin mai cin bashin.

Akwai kuma abin da ke kama da kuskure alhali daidai yake. Cibiyoyi suna aika bayanai ne wata-wata, saboda haka biyan makon jiya yana iya rashin fitowa tukuna. Jinkirin da ya faru da gaske kuwa ba ya goguwa don an biya daga baya. Zai zauna har wa'adinsa ya cika.

Matakan ƙorafi

Ana shigar da ƙorafi a rubuce zuwa ga BIC, kai tsaye ko ta hannun banki ko asusun da mutum ke hulɗa da shi, tare da takardun da ke nuna kuskuren. BIC yana da kwana 5 ya miƙa shi ga cibiyar da ta kawo bayanin. Ita kuma tana da kwana 15 ta tabbatar da shi, ko ta gyara, ko ta soke. Daga nan BIC yana da kwana 10 ya aiwatar ya kuma sanar da mai ƙorafi. Jimilla kwana 30. Abin lura shi ne BIC ba ya yanke hukunci da kansa a kan ko an biya ko ba a biya ba. Abin da mai ba da rancen ya amsa shi yake rubutawa, shi ya sa ƙarfin ƙorafi yake ga takardun da aka haɗa.

A ɗauki misalin wani mai sayen aya da ya ci rancen sefa 600,000, jaka ɗari shida ke nan, daga wani asusu, zai biya jaka hamsin na uwar kuɗi kowane wata har shekara. Ya biya kason ƙarshe a hannu, aka ba shi resi mai hatimi, amma mai karɓar kuɗi ya zuba shi a lambar wani mai irin sunansa. Da kaka ta zo ya nemi sabon rance a banki, aka ce masa ana binsa 50,000 da jinkirin sama da kwana 90. A rahotonsa zai ga biya goma sha ɗaya, ga shi da resi goma sha biyu. Wasiƙarsa ba ta buƙatar dogon labari: lambar yarjejeniya, layin da yake ƙalubalanta, ranar biya da lambar resi na goma sha biyu, da abin da yake so a rubuta, wato saura sifili, babu jinkiri. Zai haɗa kwafin resin da na katinsa, ya riƙe na asali a gida, ya sa a buga masa hatimin ranar karɓa a kwafin wasiƙar, domin daga ranar ce ake fara ƙirga. Idan BIC ya karɓa ranar 3 ga Maris, ya kamata ƙorafin ya isa asusun nan da 8 ga wata, amsa ta fito nan da 23, gyara kuma ya kammala nan da 2 ga Afrilu.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne tsayawa ga magana ta baki. Shugaban reshe ya ce “kar ka damu, za mu gyara”, ya gyara a littafinsa, amma ba a aika wa BIC ba, ko an aika sai fayil ɗin wata mai zuwa ya dawo da tsohon adadi. Sake karɓar rahoto bayan wata ɗaya ko biyu ne ke nuna ko gyaran ya zauna.

Idan kwana 30 suka cika ba a warware ba, doka ta ce a janye fayil ɗin mutumin daga idon masu dubawa na ɗan lokaci, a rubuta cewa ana kan gyara. Idan an gyara, BIC yana aika sabon rahoton ga duk cibiyar da ta nemi tsohon a watanni shida da suka gabata, ciki har da bankin da ya hana mai ayar rance, ko da yake hakan bai tilasta wa bankin canza shawararsa ba.

Ɗaukaka ƙara

Wanda bai gamsu ba yana iya kai kuka ga BCEAO, wanda ke da babban ofishi a Yamai da reshe a Maraɗi, kuma an ba shi kwana 60 ya ba da amsa. Ƙofar kotu ma a buɗe take.