Me ake nufi da gwajin koma-baya a aikin catbot?

Gwajin koma-baya, wanda masu rubuta manhaja ke kira rigireshan, shi ne a tara tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, a sake yi wa manhaja su duk lokacin da wani abu ya canza, don a ga ko abin da yake aiki jiya ya lalace yau. A aikin catbot, wato manhajar da ke amsa wa mutane tambaya ta hanyar hira, wannan gwaji yana da nauyi na musamman, domin ƙwaƙwalwar da ke ba da amsa ba a hannunka take ba. Hayarta kake yi daga wani kamfani, kuma kamfanin yana iya sauya ta kai kana barci.

Kamfanonin da ke ba da hayar samfurin harshe, wato ƙwaƙwalwar nan da ke haɗa amsa, sukan ba shi suna iri biyu: suna na gama-gari da suna mai kwanan wata. A wajen OpenAI, alal misali, a shekarar 2024 akwai `gpt-4o`, sannan akwai `gpt-4o-2024-05-13` da `gpt-4o-2024-08-06`. Sunan gama-garin kamar allon shago ne, allon yana nan amma ana iya canza wanda ke zaune a ciki. Wanda ya sa wannan suna a manhajarsa, ranar da kamfanin ya karkata shi zuwa sabuwar siga, catbot ɗinsa ya canza hali ba tare da ya taɓa layi ɗaya ba. Saboda haka matakin farko shi ne a ɗaure manhaja a kan suna mai kwanan wata, kuma a riƙa adana abin da ke zuwa a gurbin `model` na kowace amsa, domin nan ne ake ganin sigar da ta amsa a zahiri. Sai dai ɗaurin jinkiri ne kawai. Tsofaffin sigogi ana yi musu ritaya, ana sanar da ranar, dole wata rana a ƙaura.

Mu ƙaddara wani kamfanin aika kaya a kusa da tashar Kawo yana da catbot a WhatsApp. Mutum ya rubuto nauyin kayansa da garin da za su, Zariya ko Kafanchan ko Kano, catbot ya ciro bayanan ya miƙa wa manhajar farashi, sannan ya faɗa masa farashi da ranar isa. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma haka lissafin yake tafiya.

Tambayoyin gwaji daga hirarrakin gaske ake ɗebo su, bayan an goge suna da lambar waya da adireshi. Wanda ya zauna a ofis ya ƙirƙiro tambayoyi zai rubuta su da tsabtatacciyar Hausa, alhali mai aiko da saƙo daga Kasuwar Barci rubutawa yake “buhu uku ne zuwa zaria jibi nawa zan bada”, ba ƙugiya, ba aya, wani lokacin rabin jimlar Turanci ne. A tara kamar tambaya 120, a kasa su gida-gida: tambayar farashi, ranar isa, ƙorafin kaya sun ɓata, abin da ba a ɗauka kamar fetur da gas, sai kuma gidan ƙirge da lokaci na Hausa. Wannan gida na ƙarshe ya cancanci kulawa, domin a nan ne samfuri ya fi tuntuɓe. “Dubu biyu da rabi” 2,500 ne, “talatin ba biyu” 28 ne, jibi kwana biyu ne daga yau, gata kuma uku.

Kowace tambaya ana rubuta mata sharaɗin cin jarrabawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce sai sabuwar amsa ta zo daidai da tsohuwa harafi da harafi. Hakan ba ya yiwuwa, domin ko an sa `temperature`, wato ma'aunin yawan bambancin amsa, a 0 amsar takan ɗan bambanta, sai gwajin ya yi ta ihu a kan abin da ba laifi ba, har ma'aikata su daina kula shi. Abin da ake dubawa shi ne ƙashin amsar: an gane garin, an gane adadin, an gane ranar? A tambayar aika buhu talatin ba biyu zuwa Zariya, alal misali, ga yadda ake duba bayanan da catbot ya ciro, waɗanda ke cikin `amsa`:

```python
import json
r = json.loads(amsa)
assert r["gari"] == "Zaria"
assert r["buhu"] == 28
```

Abin da ba ya aunuwa da irin wannan layi, kamar ladabi ko amsawa da Hausa ga wanda ya yi tambaya da Hausa, sai mutum ya karanta ya ba da maki. Wasu kan sa wani samfurin ya yi alƙalanci. Idan za a yi haka, shi ma alƙalin a ɗaure sigarsa, in ba haka ba mudun da ake awo da shi ne zai canza, a ɗora laifin a kan hatsi.

Tunda amsa takan bambanta, kowace tambaya a yi ta sau 5. Tambaya 120 ta ba da amsa 600 ke nan. A fara da tsohuwar siga don a sami ma'auni, a ce ta ci 570, wato kashi 95 cikin ɗari. Sabuwa ta ci 564, kashi 94. Mai kallon jimla zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba, a ƙaura kawai. To amma a buɗe gida-gida. Gidan ƙirge da lokaci tambaya 15 ne, amsa 75: tsohuwa ta ci 72, sabuwa ta ci 51. Sauran gidajen sun tashi daga 498 zuwa 513 cikin 525, ƙaruwar da ta lulluɓe ramin. A aikace wannan yana nufin kusan mutum ɗaya cikin uku da ya faɗi adadi ko rana da Hausa za a ba shi farashi ko rana marar daidai. Mai buhu 28 a caje shi kuɗin 32, ya zo tasha ran Laraba da kayan da aka rubuta wa Alhamis, kuma ma'aikacin da ke gaban tebur ne zai sha faɗan. Don haka hukuncin ƙaura ba a jimla ake yanke shi ba. Kowane gida yana da iyakarsa, kuma gidan da ya shafi kuɗi ko haɗari, in ya sauka ƙasa da ma'aunin tsohuwar siga, ba a ƙaura sai an gyara.

Gyaran sau da yawa a umarnin da ake ba samfurin yake. A nan za a ƙara masa bayani cewa “ba” a tsakanin lambobi ragi ne, a jera masa gobe da jibi da gata da citta, a kuma umarce shi ya maimaita wa mai tambaya adadin da alƙalami kafin ya faɗi farashi. Bayan gyara sai a sake gudanar da tambayoyi 120 ɗin gaba ɗaya, ba 15 ɗin kaɗai ba, domin ƙarin umarni a wuri ɗaya yakan taɓa wani wurin.

Cin jarrabawa bai ƙare aikin ba. A fara tura kashi 5 cikin ɗari na masu tambaya zuwa sabuwar siga na 'yan kwanaki, tsohuwa tana nan a shirye don komawa. A lokacin ana sa ido kan yawan amsoshin da manhajar farashi ta kasa karantawa, da yawan masu cewa a haɗa su da mutum, da tsawon amsa, tunda amsa mai tsawo kuɗinta ya fi kuma takan jinkirta. A ware tambaya 20 mafi muhimmanci su riƙa gudana da kansu kowace safiya, in uku suka faɗi a lokaci guda saƙo ya shiga wayar mai kula.

Iyakar wannan gwaji ita ce abin da aka zuba masa kawai yake kamawa. Idan babu tambaya a kan aika kaji masu rai a cikin 120 ɗin, sabuwar siga tana iya cewa ana ɗauka, gwajin kuma ya nuna komai lafiya. Shi ya sa duk ƙorafin da ya iso teburin ma'aikata daga kuskuren catbot, a ranar ake goge bayanan mai shi, a rubuta amsar da ta dace, a mayar da shi tambaya ta 121.