Mayar da hoton tufafi daga jikin mutum-mutumi zuwa jikin mutum

Mayar da hoton tufafi daga jikin mutum-mutumi zuwa jikin mutum wani aiki ne na gyaran hoto da masu sayar da sutura a intanet ke yi. Ana ɗaukar hoton riga ko wando da aka sanya wa mutum-mutumin talla, a fitar da sabon hoto inda wannan tufar take a jikin ɗan Adam, ko dai na gaske ko wanda kwamfuta ta ƙirƙira. Sharaɗin aikin shi ne tufar ta zauna yadda take, launinta da ɗinkinta da tsawonta da duk abin da aka rubuta a kanta, domin da wannan hoton mai saye zai yanke shawara.

Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko ana cire tufar daga hotonta a kai ta jikin wani mutum da ke cikin wani hoton daban, wanda ke nufin dole a lanƙwasa ta ko a sake zana ta. A ta biyu ana barin tufar a inda take, a goge mutum-mutumin, a zana kai da wuya da hannaye da ƙafafu a gurbinsa. Ta farko ta fi ba da zaɓin tsayuwa da siffar jiki, ta biyu kuma ta fi riƙe amanar tufar.

Tarihi

Asalin aikin na hannu ne. Bayan fitowar Photoshop a 1990, masu gyaran hoto sun riƙa yanko tufa su ɗora a kan hoton mutum, suna jan gefunanta har su dace da kafaɗa da ƙugu. Kayan aikin Puppet Warp da ya zo cikin Photoshop a 2010 ya sauƙaƙa wannan, domin yana ba da damar kafa fil a gwiwar hannu ko kafaɗa a juya hannun riga ba tare da an taɓa sauran jikinta ba. A wajajen shekarun 2000, lokacin da cinikin sutura a intanet ya bunƙasa, wata dabara mai kusanci da wannan ta yaɗu: a ɗauki rigar a jikin mutum-mutumi, a sake ɗaukar cikin wuyanta daban, a haɗa hotunan biyu a goge mutum-mutumin, sai rigar ta fito a cike kamar wani da ba a gani ne ya sa ta.

Jama'a sun fara sanin cewa manyan kamfanoni na yin haka ne a ƙarshen 2011, lokacin da jaridar Aftonbladet ta Sweden ta lura cewa matan da ke tallan kaya a shafin kamfanin sutura na H&M jikinsu iri ɗaya ne, tsayuwarsu ma ɗaya. Kamfanin ya tabbatar da cewa ana ɗaukar tufafin ne a jikin mutum-mutumi, a ba jikin kamannin ɗan Adam da kwamfuta, sannan a ɗora kan mutum na gaske. Wannan ita ce hanya ta biyu tun kafin ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin lamarin.

Binciken jami'o'i ya bi hanya ta farko. A 2018 masu bincike a Jami'ar Maryland suka gabatar da VITON, wanda ke karɓar hoton riga da hoton mutum ya fitar da mutumin sanye da rigar, a ƙaramin hoto mai fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, 256 a tsaye da 192 a kwance. A wannan shekarar CP-VTON ya biyo baya, inda manhajar da kanta ke koyon yadda za ta lanƙwasa rigar. Lissafin lanƙwasawar ya girmi waɗannan ayyuka sosai. Fred Bookstein ya yi amfani da shi a 1989 wajen kwatanta siffofin halittu, kuma tunaninsa shi ne a ɗauki hoto kamar siririn farantin ƙarfe, a tura wasu ɗigogi zuwa sabon wuri, sauran farantin ya bi su da mafi ƙarancin lanƙwasa. Yana aiki da kyau idan mutum ya tsaya cak yana fuskantar kyamara. Da zarar ya harɗe hannu a ƙirji sai ya gaza, domin yadi yana ninkewa ya ɓoye wani sashensa, farantin kuwa miƙewa kawai ya iya. Abin da ake gani a sakamakon shi ne rubutun gaban riga ya ja kamar roba.

VITON-HD na masu bincike a jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ya ɗaga girman hoton zuwa 1024 da 768 a 2021. Babban sauyi ya zo da manhajojin da ke fara zane daga tsaki-tsaki marasa siffa suna tace su mataki-mataki har hoto ya bayyana, irin su Stable Diffusion na 2022. A 2023 Google ya wallafa TryOnDiffusion, wanda ya daina lanƙwasa rigar a matsayin mataki na daban: manhajar na duban hoton rigar tana zana ta sabuwa a jikin mutumin. Ninkin yadi da inuwa suka yi kyau ƙwarai, amma daga nan rigar da ke cikin sakamakon ta zama zanen manhaja, ba hoton da kyamara ta ɗauka ba.

Wani abu a wannan tarihin ya shafi mutum-mutumi kai tsaye. Tarin hotunan da aka horar da VITON da VITON-HD a kansu sun haɗa hoton mutum ne da hoton riga ita kaɗai a kan farin fage. Idan aka ba irin wannan manhaja hoto da mutum-mutumi a ciki, takan ɗauki wuyansa ko damtsensa a matsayin wani ɓangare na rigar, sai a ga farar kwala ko farin hannu da babu su a asali. Shi ya sa ake cire mutum-mutumin tukuna.

Abin da mutum-mutumi ke ɓoyewa

Hoton mutum-mutumi ba ya faɗin dukkan gaskiyar tufa. Masu shirya hoto kan tattara yadin da ya yi yawa su manne shi da fil ko maƙali a baya, don haka riga mai faɗi takan fito kamar mai kama jiki, kuma duk hoton da aka gina a kan wannan zai gaji kuskuren. Jikin mutum-mutumi kuma tauri gare shi, ba ya lotsawa a inda ɗamara ko robar ƙugu ta matse. Idan yadin shara-shara ne, farin jikin ko baƙinsa yana ratsowa ya sauya launin da ake gani, alhali a jikin mutum launin fata ne zai ratso.

Misali: riga mai ratsi

A ɗauki rigar maza mai dogon hannu da kwala, fara mai shuɗin ratsi sirara masu faɗin milimita 2, da maɓallai bakwai da ƙaramin tambari a aljihu, an ɗauke ta a jikin mutum-mutumi marar kai. Tsawonta santimita 75 ne.

Idan aka bi hanya ta farko, za a rage hoton zuwa fiksel 1024 a tsaye. A ce rigar ta ci fiksel 600 daga ciki, kowace santimita ta sami fiksel 8 ke nan, ratsi ɗaya kuma bai kai fiksel 2 ba. Manhajoji irin Stable Diffusion ba sa aiki a kan fiksel kai tsaye, suna matse hoton sau 8 a kowane gefe, 1024 da 768 ya koma 128 da 96. Gida ɗaya a wannan matsattsen hoto yana wakiltar santimita guda ta yadi, wadda ratsi fiye da ɗaya ke iya kasancewa a ciki. Gidan yana riƙe alamar cewa akwai ratsi, amma ainihin tazararsu manhajar ce ke ƙiyasta ta lokacin buɗe hoton. Daga nan ne ake samun ratsin da ya yi kauri ko ya karkace, da haruffan tambari da suka zama wani rubutu da ba ya karantuwa, da maɓallai shida ko takwas maimakon bakwai.

Don irin wannan riga hanya ta biyu ta fi. Ana fara shata iyakar rigar, da hannu ko da manhaja irin Segment Anything da Meta ya fitar a 2023, a sami taswirar baƙi da fari: baƙi inda ba a so a taɓa, fari inda za a zana sabo. Ana sassauta bakin iyakar da ƴan fiksel kaɗan don kada rigar ta fito kamar an yanko ta da almakashi. Farin yankin dole ya haɗa da dukkan mutum-mutumin, har da ɗan abin da ke leƙowa ta buɗaɗɗen wuya da bakin hannu, da fili a sama inda kai zai zauna. Domin kada manhajar ta fitar da hannu daga inda babu hannun riga, ana ba ta zanen gaɓoɓi irin na manhajar OpenPose wanda ya bi tsayuwar mutum-mutumin, kafaɗa a kan kafaɗa, wuyan hannu daidai bakin hannun riga.

Matakin da aka fi mantawa da shi yana zuwa ne bayan an zana mutumin. Ko yankin da aka ce kada a taɓa yakan bi ta matsewa da buɗewar nan ya ɗan sauya, saboda haka ana dawo da ainihin fiksel ɗin rigar daga babban hoton asali a ɗora su a kan sakamakon. Sai a gyara mahaɗa. Haɓa tana jefa inuwa a kan kwala, wadda babu ita a hoton marar kai, kuma sai an ƙara ta. Hasken fuska dole ya zo daga gefen da hasken rigar ya zo. Idan ninkin yadi ya nuna fitila na hagu, fuska kuma ta haskaka daga dama, ido yakan gane ko da mai kallo bai san dalili ba. Wuya ne wuri mafi wahala, domin wuyan mutum-mutumi yawanci siriri ne kuma dogo, kuma idan wuyan da aka zana bai cika kwalar ba dole a nuna cikin rigar ta baya, wanda sai an ɗauki hotonsa daban.

Ana duba aikin ta hanyar ɗora sakamakon a kan hoton asali a zaɓi yanayin Difference na Photoshop, mai nuna bambancin hotuna biyu. Inda hotunan suka yi daidai zai fito baƙi ƙirin, duk wani haske a cikin jikin rigar, ban da inuwar da aka ƙara da gangan, alama ce ta sauyi. Daga nan a ƙirga maɓallai da yatsu, a duba inda gindin rigar ya tsaya a jikin mutumin. Riga mai santimita 75 da ta sauka har tsakiyar cinya tana nufin an zana mutumin ƙarami fiye da kima.

Iyakar wannan hanya ita ce mutumin ba zai iya tsayuwar da ta saɓa da ta mutum-mutumin ba, kuma girman jikinsa na mutum-mutumin ne. Nuna rigar a jikin mai ƙiba yana buƙatar hoton babbar rigar, ba faɗaɗa ƙaramar ba, domin aljihu da kwala ba sa girma daidai da faɗin ƙirji.

Taƙaddama

A Maris 2023 kamfanin sutura na Levi's ya sanar da gwajin masu talla na kwamfuta daga kamfanin Lalaland.ai na Amsterdam, yana cewa masu saye za su ga kaya a jikin mutane iri-iri. Masu suka sun ce hakan zai rage aikin masu talla da masu ɗaukar hoto na gaske. Ana kuma saɓani kan ko wajibi ne a sanar da mai saye cewa mutumin da ke hoton ƙirƙirarre ne, da kuma izinin waɗanda aka horar da manhajojin da hotunansu.