Makin ɗalibai kafin da bayan koyarwa: tambayoyi kan zanen hawa da gangara

"Hedimasta ya ce in nuna ci gaban ajina a lissafi daga farkon zango zuwa ƙarshe. Na ce matsakaicin maki ya tashi daga 50 zuwa 60, ya ce bai isa ba. Me kuma zan kawo?"

Malama, gaskiya ya faɗa. Matsakaici kamar faten da aka haɗa a tukunya ɗaya ne, ba a gane abin da kowa ya zuba. Abin da kike buƙata shi ne zanen hawa da gangara: layi biyu a tsaye, na hagu na gwajin farko, na dama na gwajin ƙarshe, sannan kowane ɗalibi da layinsa guda da ya haɗa makinsa biyu. Wanda ya ƙaru layinsa ya hau, wanda ya ragu nasa ya gangaro.

Mu ƙaddara ɗalibai shida ne, maki bisa 100. Amina ta tashi daga 35 zuwa 62, Zainab daga 68 zuwa 87, Sani daga 20 zuwa 38, Hadiza daga 55 zuwa 58. Musa ya sauka daga 42 zuwa 41, Bala kuwa daga 80 zuwa 74. Ki tara ki raba, za ki ga 50 da 60 ɗin nan naki ne. Amma a zane, ido zai fara sauka kan layin Amina da ya miƙe sama ya ƙetare na Musa da na Hadiza, sannan ya kama na Bala, zakaran aji, yana gangarowa har Zainab ta tsallake shi. Yara uku ne suka ɗauki kusan duk nauyin ƙarin nan. Biyu na nan inda aka bar su, ɗaya kuma ya ja baya.

"Ba ni da kwamfuta. Zai yiwu da biro da rula?"

Ƙwarai kuwa. Ja layi biyu a tsaye, kowanne santimita 20, tsakaninsu santimita 10. Kowane santimita 2 maki 10 ne, daga sifili a ƙasa zuwa 100 a sama. Ke nan makin Amina na 35 zai zauna a santimita 7 a hagu, 62 kuma a 12.4 a dama. Ɗiga ɗigo biyu, haɗa su da rula. Rubuta suna da maki a bakin kowane ɗigo, hagu da dama, don kada mai dubawa ya yi ta bin layi da yatsa. A saman kowane layin tsaye sa watan da aka yi gwajin.

Inda ake ɗan shan wahala shi ne makin da suka matsu. Musa 41, Sani 38: milimita 6 kawai ke tsakaninsu. Sunan za a ɗan gusar, ɗigon kuwa ba a taɓa shi.

Mai Excel zai jera sunaye a ƙarƙashin A, makin farko a ƙarƙashin B, na ƙarshe a ƙarƙashin C, ya zaɓe su duka, ya shiga Insert ya ɗauki Line with Markers. Sau da yawa sai ya fito da layi biyu dogaye, sunayen yara a jere a ƙasa. Danna Switch Row/Column, kowane yaro zai samu layinsa.

"Gwajin farko bisa 40 na yi shi, jarrabawar ƙarshe bisa 60. Zan iya haɗa su haka?"

A'a, kuma nan ne aka fi tafka kuskure. Yaron da ya ci 28 bisa 40, ya dawo ya ci 36 bisa 60, idan ka ɗiga 28 da 36 layinsa zai hau, ka yi ta murna. Alhali 28 bisa 40 kashi 70 ne cikin ɗari, 36 bisa 60 kuma kashi 60. Faɗuwa ya yi. Sai ka mai da su duka bisa ɗari tukuna, kuma layukan tsaye biyun su fara daga lamba ɗaya su ƙare a lamba ɗaya. Da zarar ma'aunin hagu ya bambanta da na dama, karkatar layin ta zama ƙarya.

Ko bayan wannan, da sauran rina a kaba. Na taɓa zana wa ajina irinsa, layuka kusan duka suka hau, har na fara jin kaina. Da na ajiye takardun tambayoyin biyu gefe da gefe, sai na ga na farkon cike yake da rabawa mai saura, na biyun kuwa yawanci tarawa da ɗebewa ne. Jarrabawar ce ta yi sauƙi. Alamar da ya kamata ta farkar da ni tun farko ita ce yadda layukan suka hau kusan a jere, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari kowa ya ƙaru da maki kusan iri ɗaya. Koyarwa ba kasafai take raba wa yara riba daidai wa daida haka ba.

"Yarana 70 ne a aji. Ba zai zama kamar taliyar da ta cakuɗe ba?"

Zai zama, idan kowane layi ya sha launi iri ɗaya. A ganina, da an wuce layi goma sha biyar sunaye sun fara hawa kan juna. Zana duka da fensir mai haske ba suna, sannan ka bi waɗanda suka faɗi da jan biro, ka bi biyar ɗin da suka fi hawa da shuɗi, su kaɗai za ka sa wa suna. Ko kuma ka raba yaran rukuni, misali masu zuwa kullum da masu yawan fashi, kowane rukuni da layin matsakaicinsa. Wanda bai rubuta gwaji ɗaya ba, ba shi da layi. Kada ka ba shi sifili. Rubuta a ƙasan zanen cewa mutum kaza ba sa ciki. In kuma a bango za a liƙa, sa lamba a maimakon suna.

"Na ƙasan aji duk sun hau, na sama sun ɗan sauko. Na yi watsi da haziƙai ke nan?"

Ba lallai ba. Makin rana ɗaya ya haɗa da iyawa da kuma sa'a. Cikin waɗanda suka zo can ƙasa a gwajin farko akwai wanda zazzaɓi ya kama, akwai wanda ya makara. Cikin na can sama akwai wanda canki-cankarsa ta faɗa daidai. A karo na biyu sa'ar ba ta maimaita kanta, sai na ƙasa su ɗan ɗago, na sama su ɗan sauko, ko da malami bai canza komai ba. Masana ƙididdiga suna kiran wannan komawa wajen matsakaici. Ga kuma rufi: mai 95 maki 5 kawai ya rage masa ya hau, mai 20 kuwa fili ne a gabansa.

Don haka saukar Musa da maki ɗaya ba labari ba ce, tambaya guda ma ta isa ta kawo ta. Ta Bala ce za a bincika, ba a yanke hukunci ba. Shi zanen, ɗigo biyu kawai ya sani, bai ga makonnin da ke tsakani ba. Buɗe rajista ki ga ko Bala ya yi fashi, ki ɗauko takardarsa ta ƙarshe ki duba ko maki shidan nan a darasi ɗaya suka zube ko a warwatse suke. Idan duk a rabawa ne, kin san darasin da za ki sake zama da shi a kai.