Sha-ka-fashe: ƙibar da ake saya a kemis kumburi ce

Da biki ya matso sai a fara kallon amarya ana taɓe baki. Goggo ta ce ta cika rama, dangin miji za su ce ba a ba ta abinci a gidansu. Bayan aure kuma, in wata uku ya wuce ba ta yi ɓulɓul ba, sai a ce miji bai iya kiwo ba. Namiji ma bai tsira ba, in ya samu aiki ko kasuwa ta buɗe masa, ana jira a ga tumbi kafin a yarda hutu ya zo. Wannan maganar ce take tura 'yan mata da matan aure kemis, daga Tudun Wada har Samaru, su sayo ƙwayar da ake ce wa sha-ka-fashe. Ƙarshenta a ɗakunan duba marasa lafiya na Zariya ake ganinsa, kuma kusan kullum fasalinsa ɗaya ne.

Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna deksametazon ne, wanda ake gajarcewa deksa, ko ɗan'uwansa firedinisolon. Sau da yawa ana haɗawa da wani maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci. Deksa magani ne na gaske, likita yana rubuta shi don asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi, da ƙayyadadden adadi da ranar dainawa. Ba a yi shi don ƙiba ba. Abin da mata ke biya da kuɗinsu illarsa ce.

A ɗauki misalin budurwa mai tsawon santimita 160 da nauyin kilo 52. Wannan nauyin daidai yake da tsawonta, ba ta da ciwon komai, siririya ce kawai kamar yadda Allah ya yi ta. Aka ba ta ƙwaya tana sha safe da dare. A sati biyun farko cinta ya ƙaru, kumatu suka fito, kowa yana cewa masha Allah. Zuwa wata uku ta kai kilo 63. To a dube ta da kyau. Fuska ta zama zagaye kamar faifai, kitse ya taru a bayan wuya kamar tozo, ciki ya yi gaba, amma hannuwa da cinyoyi sun ƙara sirancewa, domin maganin yana cinye tsoka ya tara kitse da ruwa a tsakiyar jiki. A gefen ciki da cinya nankarwa ta fito, mai faɗi, mai duhun ja. In ta tsuguna wanke-wanke, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Al'ada ta rikice, ƙuraje sun feso, wani lokaci har gashi a haɓa. Wannan ce ƙibar da aka yi wa guɗa.

Abin da ba a gani da ido ya fi muni. Maganin yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga hawan jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana iya tayar da gyambon ciki, musamman in ana haɗa shi da maganin ciwon jiki. Yana kuma karya garkuwar jiki, ƙaramin rauni ya daɗe bai warke ba, tarin fuka da ya kwanta ya farka. Wadda kuma ramarta dama ta ciwo ce, ta sukari ko tarin fuka ko wata cuta, ta ɗora deksa a kai, ta rufe alamar ne ciwon yana ci ta ƙarƙashi.

Haba iyaye mata! Ke da kika yi naƙudarta, ke ce za ki aika a sayo mata ƙwayar da ba ki san sunanta ba, a ƙulle a leda, don kada kishiya ko dangin miji su yi magana? Masu maganar nan ba su za su yi jinya ba. Haka kayan haɗin da dillaliya ke kawowa, tsimi ko gumba ko garin da aka ce na gargajiya ne zalla: in abu ya kumbura fuska cikin sati biyu, a yi zargin an daka ƙwaya a ciki. Abinci ba ya wannan saurin.

Ga inda ake yawan yin kuskure na biyu, kuma ina roƙo a karanta shi da natsuwa. Wadda ta sha deksa kullum fiye da sati uku, kada ta daina rana ɗaya don ta ji tsoro. Jiki yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda masu yin irin wannan sinadarin da kansu, kuma in ana zuba shi daga waje sai su kwanta su daina aiki. In aka yanke farat ɗaya, sai kasala mai tsanani, jiri, amai, jini ya faɗi ƙasa, har a suma, kuma ana iya rasa rai. Da yawa a nan suke komawa kemis, su ce ai da suka bari sai ciwo ya kama su. Hanyar ita ce a ɗauki sauran ƙwayar da kwalinta a je asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar guda nawa ake sha da tun yaushe, shi zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni. Ba wanda zai kama ki. Ɓoyewar ce take wahalar da mu a asibiti, a yi ta neman dalilin hawan jini a yarinya 'yar shekara ashirin.

Su kuma maza masu shafa tumbi ana kiransu Alhaji, ko ba ƙwaya, kitsen ciki shi ne mafi haɗari, shi ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Sikeli ma yana iya yaudara. Budurwar can mai kilo 63, a lissafin tsawo da nauyi ba ta wuce iyaka ba, ƙugunta ne zai tona asiri.

Abin yi a gida da asibiti:

A samo tef ɗin tela, a auna ƙugu a tsaye daidai saitin cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba. Ya kamata ya gaza rabin tsawon mutum: mai santimita 160 kada ya kai 80. Mace da ta wuce 88, ko namiji da ya wuce 102, haɗarin ya yi yawa.

A auna hawan jini. In ya kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita ko da ba a jin komai.

A gwada sukari da safe kafin karin kumallo. Daga 126 zuwa sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai an maimaita gwaji a asibiti.

Wadda take ramewa ba dalili, ko tana tari fiye da sati biyu, ko yawan fitsari da ƙishirwa, gwaji take buƙata. Asibitin unguwa zai iya farawa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika.

Wadda kuma likita ya tabbatar nauyinta ya yi ƙasa da gaske, abincinta yana nan a kasuwar Sabon Gari: wake, ƙwai, gyaɗa, nono da fura, awara, kifi. A ci sau uku a ƙara ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani. Rabin kilo a sati ya isa, kuma a riƙa hawa sikeli ɗaya a rana ɗaya ta mako don a ga ko ana gaba.