Dokar s da z: yatsa biyu a maƙogwaro sun isa

Akwai wata doka a bakin Bahaushe wadda ba mushen lakwal ɗin da ya koya muna ita amma kowa na bin ta, daga Tahoua har Yamai. Muna cewa iska, kasko, kuskure da s, amma hizge da hazbiya da z. Ba wanda zai ce maka "izka". To mi ya sa?

Ɗora yatsa biyu bisa maƙogwaronka, nan wurin ƙashin da ke motsi in ka haɗiye miyau, kar ka danna dai, taɓawa kawai. Ja sssss kamar daƙiƙa 3, ba ka sake numfashi ba ka juya ta zuwa zzzzz. Harshe na nan inda yake, haƙora ba su motsa ba, amma da ka shiga z sai ka ji wurin na rawa ƙarƙashin yatsa kamar salula da aka sa vibirasho. Wasu tantani biyu ne cikin maƙogwaro, in sun matso kusa da juna iskar huhu ta bi tsakaninsu sai su dinga buɗewa suna rufewa da sauri, wajen sau 100 da wani abu cikin daƙiƙa ga babban namiji, mace kuma kusan ninkin haka. Masana harshe na ce ma sautin mai ziza. Wurin s kuwa tantanin a buɗe suke, iska na wucewa abinta, marar ziza kenan. Wannan rawar kaɗai ta raba s ɗin sauna da z ɗin zauna.

Dokar ita ce in s ko z ta haɗu da wani baƙi irin su k, g ko b ba wasali tsakani, sai ta bi halin na gabanta. K marar ziza ce, shi ya sa iska ta zo da s. G da b masu ziza ne, maƙogwaro ya riga ya fara shirin su tun bai kai gare su ba, sai hizge da hazbiya suka zo da z. Wasu na rubuta hasbiya, amma su sa yatsa su faɗe ta da sauri su ji.

Inda mutane ke rikicewa wajen gwajin, sai su ce "sa" maimakon sss, to a wasali ne kuma wasulla duka masu ziza ne, dole ka ji rawa ka ɗauka ta s ce. Raɗa ma na ɓata gwajin gaba ɗaya don tantanin ba su kaɗawa. Su t da d, k da g, gajeru ne ba su jawuwa, gara ka toshe kunnuwa ka yi ta maimaita aka, aga, za ka ji gurnanin ya yanke a tsakiyar aka amma a aga ya zarce. Ƙ da ts kuma kar su ruɗe ka, abin da yatsa ke ji nan maƙogwaron ne dungurungum ke tsalle sama, tantanin a rufe suke gam.