"Fluent" a CV: jin harshe daban, aiki da shi daban

An daɗe ana ɗauka cewa duk harshen da mutum yake ji, ya isa ya rubuta "Fluent" a gabansa. Ba haka mai ɗaukar ma'aikata yake karanta kalmar ba. A wurinsa tana nufin za ka iya jagorantar taro, ka rubuta rahoto ba sai an bi bayanka da gyara ba.

Ɗauki ɗan Maraɗi mai neman aiki a ƙungiyar agaji. Hausa ya tashi da ita, da Faransanci ya yi karatu har jami'a, Turancinsa kuwa na karanta saƙo ne da amsa waya. Sai ya raba magana da karatu, ya auna da CEFR, ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai mai matakai 6, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na gwani: Hausa "Native", Faransanci C1, Turanci kuma karatu B1, magana A2. B1 na wanda ke fahimtar bayani a kan abin da ya saba ne, amma muhawara ta fi ƙarfinsa.

Larabci nan ne aka fi zamewa. Sauke Alƙur'ani bai sa ka iya hira da Balarabe ba; rubuta "karatu kawai". In ka cika baki, mai tantancewa zai juya hirar zuwa harshen, asirinka ya tonu nan take.