Saƙon tes na farko ga mara lafiya: me za a rubuta?

"Ni ke riƙe da wayar ƙaramin asibitinmu. Yaya zan rubuta wa wanda zai zo karon farko?"

Ga samfuri, sai ki sa sunan asibitinku da lambarku:

"Salam Malama. Daga Asibitin (suna). Muna jiranki ran Talata 14 ga Afrilu, karfe 8:30 na safe, a dakin kati. Ki zo da takardar turowa da magungunan da kike sha. In ba za ki samu zuwa ba, kira (lamba), 8 na safe zuwa 4 na yamma."

Da gangan na bar "karfe" da "daki" ba lanƙwasa. Tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70. Wannan saƙon shafi biyu ne. Da lanƙwasa zai kai huɗu.

Wane lokaci zan sa, na zuwa ko na ganin likita?

Na zuwa, shi kaɗai. In likita zai gan ta ƙarfe 9, rubuta 8:30, domin sabon zuwa sai an buɗe masa kati, an auna hawan jini da nauyi. In kika sa lokaci biyu, na biyun za a riƙe. Ki haɗa sunan rana da kwanan wata, kada ki rubuta 4/5, don wani zai karanta 5 ga Afrilu, wani 4 ga Mayu.

Kayan da za a zo da su fa?

Ki ce a taho da ainihin maganin, a kwalinsa. In ba haka ba likita zai ji "wani ɗan fari ne ƙarami". Sai sakamakon tsofaffin gwaje-gwaje, da katin inshora ga mai shi. In akwai kuɗin kati, faɗi adadinsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gwajin jinin da ake yi kafin a karya. Kada ki rubuta "ki zo da azumi". Bahaushiya za ta yi sahur da asuba, ta kuma ƙi shan ruwa, alhali akasin haka ake so. Ki tambayi mai gwajin awoyin da yake buƙata, ki rubuta a fili: "Kada ki ci komai daga karfe 10 na dare, amma ki sha ruwa."

In ambaci ciwon?

A'a. Waya ɗaya kan yi wa gida guda aiki, kuma sau da yawa yaro ake miƙa wa ya karanta. Ko sunan sashen kada ki sa in zai tona asiri.

Lambar wa zan bayar?

Wadda ake ɗagawa. In ta manhajar tura saƙonni da yawa kike aikawa, mai nuna sunan asibiti a madadin lamba, amsar mara lafiya ba za ta iso gare ki ba, don haka lambar ta fito a cikin saƙon. Ki kuma ƙara cewa in jiki ya tsananta kafin ranar, a taho asibiti kai tsaye, kada a jira Talata.